Mai makaranta yana ta sauya aikin benci, ranar komawa kuma ba ta matsawa

Tambaya: Malam, ina da shagon walda a unguwar Zariya, nan Maraɗi, da yara huɗu. Wani Alhaji mai makarantar kuɗi ya ba ni aikin benci 60 masu cin ɗalibi biyu, jika 25 kowanne, ya ba ni rabin kuɗin. Na haɗa 20 sai ya ce a ƙara wurin ajiye littattafai a ƙasa, na yi ban caje shi ba. Yanzu kuma ya ce a mayar da su masu cin mutum uku, a ƙara teburin malamai shida. Saura kwana 14 na aiki a koma makaranta, benci huɗu muke gamawa a yini, kuma ba mu rubuta komai ba. Ina tsoron in yi magana in rasa shi. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka sake yanka ko sanda ɗaya ta ƙarfe sai kun zauna da Alhaji. Amma kafin zaman, ka ɗauki takarda ka mayar da buƙatunsa kwanaki. Yawancin masu sana'a idan aka sauya musu aiki, kuɗi kaɗai suke lissafawa, shi ma a zuci. A irin aikinka kuwa, kwana ne abin da ba ka da inda za ka ranto, tunda ba kai ka sa ranar ba, kuma shi ma Alhajin ba shi da ikon ɗage ta.

Bari mu lissafa tare. Benci 40 da suka rage, a huɗu kullum, kwana 10 ke nan. Fenti da bushewa da kai kaya, ka ba su kwana uku, don a ƙarshen damina iska da laima take, kuma fentin hana tsatsa sai ya bushe sosai kafin a shafa na sama, in ba haka ba yara na fara zama zai soma ɓarewa. Kwana 13 ke nan, rararka kwana ɗaya tak, wanda ɗaukewar wuta ta yini guda za ta iya cinyewa.

To, ga abin da sabuwar maganarsa take ci. Benci mai cin mutum uku ya fi tsawo, yana son ƙarin ƙarfe a tsakiya don kada katako ya lotsa, don haka in ce uku za ku riƙa gamawa a yini. Ka gyara adadin idan naka ya bambanta, kai ka san hannun yaranka. Guda 40 a uku kullum sun kai kwana 14. Warware 20 ɗin da aka haɗa a tsawaita su, ka sa kwana huɗu. Tebur shida, kwana uku. Ƙara kwana ukun fenti da kai kaya, ka tashi da kwana 24, alhali 14 gare ka. Ƙwazo ba ya cike giɓin kwana goma. Idan ka ce masa "to, in Allah ya yarda" ka tafi, ranar buɗe makaranta ba zai tuna shi ya sauya aikin ba, abin da zai gani kawai shi ne aji babu wurin zama, sunanka kuma shi zai zagaya gari.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa sai an duba ma'auni. A ce sandar ƙarfen da kake saye mita 6 ce. Idan bencin mutum biyu mita 1.20 ne, sanda ɗaya tana ba ka yanki biyar cif. Idan aka koma mita 1.50, huɗu za ta bayar. Idan kuwa Alhaji ya miƙa hannu ya ce a yi shi 1.60 don yara su sake, uku za ka samu, guntun mita 1.20 ya rage maka a kowace sanda. Tazarar da ke tsakanin 1.50 da 1.60 ba ta kai taki ɗaya ba, amma a kan benci 40 sanduna ne masu yawa. Alhaji bai san wannan ba, kuma ba laifinsa ba ne, shi a ganinsa ɗan ƙari ne kawai. Idan ya zo shago ka shimfiɗa sanda a ƙasa, ka ja alli a gabansa ya ga inda yankan ke faɗawa. Na ga wannan ya kashe gardamar da dogon bayani bai kashe ba.

Sai tambayar da na fi so ka yi masa, da ladabi, tun kafin a kai ga kuɗi: "Alhaji, ɗalibai nawa kake son su samu wurin zama ranar farko?" Da wuya mutum ya nemi dogon benci don sha'awa. Mafi yawa rajista ce ta fi yadda ya zata, wurin zama yake nema. Idan haka ne, mafita tana hannunka. Guda 20 da ka haɗa suna ɗaukar yara 40, ka bar su yadda suke, a kai su ƙananan azuzuwa. Ƙarfen da aka yanka aka sake ɗinkewa a tsakiya nan yake fara karyewa, kuma kai za a kira. A kwana 10 da kake da su, ka yi dogaye 30, suna ɗaukar yara 90. Jimilla 130 ke nan ranar buɗewa, alhali yarjejeniyar farko 120 za ta zaunar. Ragowar dogaye 10 da teburin malamai su zo a kashi na biyu, mako biyu bayan an koma. Malami zai iya lallaɓawa da tsohon tebur na 'yan kwanaki, yaro ne ba a so a bari a ƙasa.

Ka sa masa kuɗin a gefe. A misali mu ce dogon benci, har da wurin littattafai, jika 32 ne. Guda 30 sun kama jika 960, gajeru 20 kuma jika 500, kashi na farko ya tashi jika 1,460, ƙasa kaɗan da miliyan ɗaya da rabin da ya riga ya shirya biya. Kashi na biyu, jika 320 na benci da kuɗin tebur, sabon ciniki ne da nasa kafin alƙalamin. Wannan tsari yana yi wa mai makaranta daɗi fiye da yadda kake zato, domin bayan an koma ne kuɗin makaranta ke shigo masa.

Idan ya ce shi lallai komai ranar ɗaya yake so, kada ka ce masa a'a, ka faɗa masa farashin hakan. Sai ka ba wani shagon da ka yarda da aikinsa tebur shida da benci goma, da ma'auninka da samfurinka, ka ɗora ladan kai-komon da za ka yi wajen dubawa, da kuɗin man injin wuta na aikin dare, ya biya wannan ƙarin tun yanzu. Amma ina jan kunnenka kan aikin dare. Yaron da ya yini yana walda, idan ya kai sha ɗaya na dare, ɗigo yake yi maimakon ɗinki, fenti ya rufe, bayan wata biyu ƙafar benci ta fita. Dare biyu ko uku ana iya jurewa, mako biyu a jere ba ya yiwuwa. Hanya ta uku ita ce a tsaya kan maganar farko, a gama 60 ɗin yadda aka faɗa. Ka jera masa ukun, ka bar shi ya zaɓa da bakinsa, ka kuma gaya masa cewa daga jibi kowace rana ta jira tana rage benci uku daga abin da zai samu.

Batun wurin littattafan da ka yi kyauta, kada ka tayar da shi a matsayin bashi. Ka riga ka yi, ba ka faɗi kuɗi a lokacin ba, nemansa yanzu zai ɓata zaman. Sai dai ka rubuta shi a takardar, da abin da ya ci na ƙarfe da katako da kwana, ka sa "kyauta" a gabansa. Shirun da ka yi ne ya sa ya ɗauka sauyi ba ya cin komai, shi ya buɗe ƙofar na biyu da na uku.

Rubutun ba sai ya yi tsawo ba. Shafi ɗaya: adadi, ma'auni, launi, farashi, ranar kashi na farko da ta na biyu, da layi guda mai cewa duk wani sauyi daga yau sai an faɗi kuɗinsa da kwanansa an amince kafin a taɓa. Ku sa hannu, da shaida ɗaya daga kowane ɓangare. Na san nauyin da ƙarami ke ji ya miƙa wa babba takarda, kamar yana tuhumarsa. Ka ce masa don kada kai ka manta ne, kuma Alhaji ya san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi mai ajali ta sauka. Idan ba mai son takarda ba ne, ka tura masa saƙon murya ta WhatsApp kana karanto sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ka roƙe shi ya amsa da "na yarda", ka adana. Farashin kashi na biyu kuma ka ɗaure shi da wa'adi, mako ɗaya misali, tunda kaya da yawa na kasuwar Maraɗi ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa suke shigowa daga Katsina da Kano, canjin naira ko tsaiko a kan iyaka na iya motsa kuɗinsu kafin ka juya.

Ka kuma toshe wata kafa a cikin shagonka. Sauyi da yawa ba ta wurin maigida suke shiga ba. Shugaban makarantar zai biyo ya ga aiki, ya ce wa babban yaronka a ɗan ɗaga tsayin, yaro ya ji kunya ya yi. Ka gaya wa yaranka amsarsu ɗaya ce: "Sai maigida ya zo." Ka kuma nemi Alhaji ya ambaci mutum ɗaya da za a ji maganarsa. Dogon benci na farko da za ka haɗa, a kai makarantar, yara uku su zauna a kai, Alhaji ya gani ya amince, sannan a yanka na sauran 29.

Game da tsoron rasa shi, zaman nan zai nuna maka ko wane iri ne. Wanda matsin ɗalibai ya sa shi sauye-sauye zai ɗan yi ciniki, ya rage jika ɗaya ko biyu, ya zaɓi hanya. Wanda ya ƙi zaɓa, ya ƙi sa hannu, yana ta cewa "kai dai ka yi, za mu daidaita daga baya", to ka koma kan maganar farko: ka gama benci 60 masu cin mutum biyu, ka kai su a kan rana, ka karɓi jika 750 ɗinka da suka rage, kada ka sayi ƙarfen tebur da kuɗin aljihunka.