Kalma mai haruffa bakwai, biyu kawai na samu

Tambaya: "Jama'a ku taimaka, na maƙale a wasan cike kalmomi. Kalmar a kwance take, gidaje bakwai, na samu A a gida na 2 da T a gida na 6. Tambayarta ita ce: Ana gadonta kaka da kakanni. Ta ina zan ɓullo mata?"

Ƙanena, kada ka rubuta komai a cikin gidajen nan tukuna. Ɗauki wata takarda daban ka zana abin da ke hannunka: _ A _ _ _ T _. Haruffa biyu ba za su ba ka amsa ba, amma sun isa su nuna maka gidan da ya kamata ka nema na gaba, kuma a nan aikin yake.

Fara da ƙirar kalmar Hausa. Gida na 1 baƙi ne, tunda wasali ke biye da shi. Gida na 7 wasali ne, domin yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, balle ga T a gabansa. Wasalin ma za ka iya rage shi: a kalmomin asali T takan koma C idan I ko E za su biyo baya, shi ya sa muke da masunta amma masunci, mahauta amma mahauci. Kalmomin aro irin su siminti da asibiti ne ke riƙe TI ɗinsu. Ke nan zato mafi ƙarfi shi ne kalmarka da TA ta ƙare.

Yanzu ka jero duk abin da ya shiga ƙirar, ba tare da ka duba ma'ana ba: sarauta, farauta, mahauta, masunta, bajinta, yarinta, karanta, gafarta, gayyata. Ka ƙirga kowace da yatsa, don ido na yaudara. Marubuta takwas ce. Sai ka koma ga tambayar ka karanta nahawunta. An ce "gadonta", wato suna ne, tilo, jinsin mace. Masunta da mahauta jam'i ne, sun fita. Karanta da gafarta aikatau ne, su ma sun fita. Yarinta ba a gadonta, haka gayyata. Waɗanda suka tsaya da ƙafarsu su ne sarauta da farauta, bajinta na biye daga nesa.

A nan mutane da yawa ke yin gaggawa. Mu da muka tashi muna ganin fadar Sarkin Musulmi, da an ce gado sarauta ce ke fara zuwa mana a rai, sai a rubuta ta da biro. Alhali akwai gidajen mafarauta da suka gaji sana'ar tun kakanni, kuma mai tsara wasa yana son irin wannan tambaya mai fuska biyu.

Dubi kalmomin nan biyu da kyau: harafin farko kaɗai ya raba su. Don haka ko ka warware kalmomin tsaye da suka ratsa gida na 3, 4, 5 da 7, ba za su raba maka gardama ba, R, A, U da A za su ba ka ko ta wace hanya. Amfanin gida na 5 ɗaya ne, idan N ta fito maimakon U, bajinta ta dawo. Kalmar tsaye da ta bi ta gida na 1 ita za ka zuba wa ƙarfinka. Misali, idan tambayarta ta ce "ana dama ta da nono", gidaje huɗu, fura ce, F ta ba ka farauta. Idan ta ce "ana yin sa a Kalambaina", gidaje bakwai, siminti ne, S ta ba ka sarauta.

Akwai tarkon da ke kama mu Sakkwatawa musamman. Bakinmu hura yake cewa, ba fura ba. Idan ka rubuta yadda kake furtawa, H za ta zauna a gida na 1, ka samu "harauta", ka yi ta neman inda kuskure yake. Masu tsara wasan galibi daidaitacciyar Hausa suke bi. Haka kuma ka leƙa wata kalma da ka riga ka cike ka ga ko SH da TS gida ɗaya aka ba su ko biyu, da kuma ko an bambanta K da Ƙ, don hakan na sauya ƙirga.

Idan harafin da ya fito a gida na 1 bai dace da ko ɗaya cikin jerinka ba, koma ka tuhumi A da T ɗin nan. Na fi zargin T, domin da C ce a wurin, ga talauci, ga masunci, ga mahauci duk sun shigo, jerin ya zama wani daban. Turo mana tambayar kalmar tsayen da ta ba ka T, da ta gida na 1, mu duba tare.