Kai kaya gida tara a Kaduna: awa nawa?

"Ina da kaya tara daga Kasuwar Barci, shida Kawo da Unguwar Rimi, uku Barnawa da Sabon Tasha. Ƙarfe nawa zan ce wa masu kayan?"

Ɗan'uwa, jira ke cin lokaci: kira, ba a ɗauka ba, kwatance, sai a tura yaro. Sa minti 15 kowane gida, awa biyu da kwata ke nan. Tafiya kuma awa biyu, in ka gama arewacin gari, wato Kawo da Unguwar Rimi, kafin ka tsallaka gadar kogin Kaduna sau ɗaya tak. Ƙara rabin awa don azahar da shan mai. Ka tashi ƙarfe 10, ka gama wajen 3. Na Sabon Tasha ce musu tsakanin 2 da 4. Ni ranar da na yanke ƙarfe 2 cif, ruwan sama ya kunyata ni.