Me ya sa farin haske ke ba da ratsi kaɗan a gwajin tsaga biyu?

Tambaya: Malam, ina koyar da fiziks a sakandare. Na haɗa gwajin tsaga biyu na Young da farin ƙwan fitila, sai na ga farin ratsi ɗaya a tsakiya, da masu launi biyu zuwa uku a kowane gefe, sauran duk sun dushe. An ce min fitilar ce ba ta da ƙarfi. Kayan ne suka lalace ko ni na yi kuskure? Ina tsoron jin kunya a gaban ɗalibai.

Amsa: Malama, kwantar da hankalinki, kayanki lafiyarsu ƙalau. Abin da ya kamata ki gani ke nan.

Kowane launi ratsinsa yake zanawa, kuma tazarar ratsin na bin tsawon zangonsa, `y = λD/d`, inda y ita ce tazarar ratsi, λ tsawon zango, D nisan allo, d kuma tsakanin tsagogin. Mu ɗauka tsakanin tsagoginki milimita 0.25 ne, allo kuma yana nesa da mita 1. Shuɗi mai nanomita 450 zai jera ratsinsa duk bayan milimita 1.8, ja mai nanomita 650 kuwa duk bayan milimita 2.6. A tsakiya hanyoyin biyu da haske ke bi daga tsagogin zuwa allo tsawonsu ɗaya, don haka duk launuka suka haɗu suka ba ki fari. Da an gusa sai su rabu, kamar dogo da gajere da suka ɗaga ƙafa tare, taku kaɗan sawunsu ya saɓa. Ratsin ja na farko yana kan 2.6, duhun shuɗi na biyu yana kan 2.7, wato hasken wannan ya cike duhun wancan. Ki matsa zuwa milimita 12, inda bambancin hanya ya kai maikiromita 3. A nan zango masu nanomita 600 da 500 da 429 suna haske, na tsakankaninsu suna duhu, ido kuma ya gauraya su ya ga fari-fari.

Iyakar bambancin hanyar da haske zai jure kafin ratsi ya ɓace shi ne tsawon jituwa, kusan `L = λ²/Δλ`, inda λ shi ne zangon tsakiya, Δλ kuma faɗin zangunan da ke cikin hasken. Farin haske ya kama daga nanomita 400 zuwa 700, tsakiyarsa 550, faɗinsa 300, sai lissafi ya ba da kusan maikiromita 1, wato zango biyu kacal. Shi ya sa ratsi biyu a gefe. Ɗan ƙarin da ake hangowa, albarkacin ido ne da ke bambance launuka.

To, sai batun mai cewa fitila ba ta da ƙarfi. Wannan magana ta ishe ni, kullum sai na ji ta, har daga bakin masu sayar da kayan gwaji da ke neman a sake ciniki. Ki duba lissafin nan da kyau, ina ƙarfin fitila ya shigo? Babu shi. Ki ninka hasken sau ɗari, ratsin da ke nan zai ƙara haske, farin da ya shafe sauran shi ma ya ƙaru sau ɗari, adadi bai motsa ba. Sau da yawa ma baya ake ci, domin babban ƙwai yana da faffaɗan zare, kowane ɓangarensa na zana nasa ratsin a ɗan goce, har na tsakiyan ma ya dushe. Daga nan sai neman ƙarfi ya kai mutum ga juya kayan ya fuskanci rana, ko ya ɗauko leza ya sa yara su leƙa ta cikin tsaga kamar yadda suka saba leƙa ƙwan fitila. Ido ake wasa da shi! Hasken leza a allo ake kallonsa, ba a tarbarsa da ƙwayar ido. Leza tana ba da ratsi da yawa ne saboda zangonta kusan ɗaya ne tak, ko an rage mata haske ratsin na nan.

Ga gwajin da zai raba gardama a ajinki. Ki sa matacin launi mai faɗin nanomita 10 a kan 550. Hasken zai ragu ƙwarai, amma tsawon jituwa ya koma kusan maikiromita 30, zango hamsin da ɗoriya. Ba duka za ki ƙirga ba, domin faɗin kowace tsaga shi ma yana rage hasken gefe, amma ɗalibai za su ga ratsi ya ƙaru alhali haske ya ragu. Ledar launi ta gama-gari ma za ta ɗan nuna hakan, sai dai tacewarta da faɗi.

In kuwa kin sa mataci babu canji, kuma ratsin tsakiya ma a dushe yake, matsalar faɗin tushen haske ce. Ki sa siririyar tsaga ɗaya a gaban ƙwan, a miƙe daidai da sauran biyun, ko ki ja fitilar baya.