Oga a Cc ko a Bcc?

"Salamu alaikum Yaya, na tura ma akantanmu imel kan kuɗin tafiyar da muka yi Daura, har yanzu shiru. Zan sake turawa, in sa oga a Cc ne ko in ɓoye shi a Bcc?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, ya aiki? To, bari in yi maki murya, rubutun zai yi tsawo.

Kar ki sa shi a Bcc, don Allah. Kin ga, wanda ke Bcc yana ganin duk wanda ke layin To da na Cc, yana ganin akanta a To, amma akanta bai ganin shi. Matsalar ita ce, in oga ya karanta a waya cikin sauri ya danna Reply all ya ce "a biya ta", amsar za ta faɗa akwatin akanta kai tsaye. Shi kuma zai duba saƙonki, babu sunan oga ko'ina. Nan take ya gane kin kai ƙararshi a ɓoye. Mutumin da kullum takardunki sai sun bi ta teburinshi! Sannan ko akanta ya amsa da Reply all ya ba da uzurinshi, oga ba zai samu ba, don amsar ba ta zuwa ga na Bcc. Kin ga oga ya ji bakinki, bai ji nashi ba, kuma wannan ba adalci ba ne.

Cc kuwa a fili yake. Ma'anarshi: akanta, kai ake jira ka yi aiki, oga kuma shaida ne. Amma ki sani fa, ranar da sunan oga ya bayyana a saƙon da da ku biyu ne kawai, akanta zai ɗauka magana ta yi sama. Saboda haka ni dai shawarata, fara leƙawa ofishinshi ko ki kira shi, wataƙila fayil ɗin sa hannu yake jira. In mako ya zagayo shiru, sai ki rubuta, akanta a To, oga a Cc, kuma ki faɗi dalili a layin farko: "Na sa oga a Cc saboda shi ya amince da tafiyar." Ki sa ranar tafiyar da adadin kuɗin, ba zargi.

In kuma so kike oga ya sani kawai ba tare da akanta ya ji an matsa mashi ba, tura saƙonki, sannan ki buɗe Sent ki yi Forward zuwa ga oga shi kaɗai. Ko Reply all ya danna, ke kaɗai za ta iske.

Bcc ki aje shi sai ranar da za ki aika sanarwar taro ga mutane da yawa da ba su san juna ba. Sa adireshinki a To, su duka a Bcc, kar adireshin wani ya fita. A gaida Umma.