Taken shafin farko: a ɓoye dalili, kada a ɓoye magana

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da fanon sola da batiri a Kasuwar Dole, nan Damagaram. Ina haɗa jerin hotuna masu rubutu a Instagram da Facebook. In na sa "Shawarwari kan batirin sola" ba mai tsayawa, in na sa "Sirrin da masu sola suke ɓoye maka" a tsaya amma a ce na cika yaudara. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Taken shafin farko bashi ne ka ci, shafi na biyu ne zai biya. Saboda haka kada ka fara da taken. Rubuta sauran shafukan tukuna, ka ga abin da ke hannunka, sannan ka yi alkawarin da bai fi shi ba.

Mu ɗauki sana'arka. A ce darasin da kake son bayarwa shi ne zafi yana kashe batiri mai ruwan asid. Masu ƙera shi suna auna ƙarkonsa ne a kan digiri 25, kuma duk ƙarin kusan digiri 10 yana iya raba kwanansa biyu. A Damagaram kuwa, watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura 40, mutane kuma suna ajiye batiri a ɗakin kwano da ba taga. To ga kayan take nan: "Batirinka na sola ya mutu kafin shekara? Duba ɗakin da yake ciki."

Lura da abin da wannan layi ya faɗa da abin da ya riƙe. Ya faɗi wanda ake magana da shi, wato mai batiri. Ya ambaci asarar da mutum ya sani a jikinsa, domin wanda ya biya jikkuna masu yawa ya ga batiri ya daina riƙe caji ba ya buƙatar a yi masa ihu. Har ma ya nuna inda matsalar take. Abu ɗaya kawai ya riƙe: me ɗakin ya yi wa batirin? Wannan tambayar ce za ta sa yatsa ya ja zuwa shafi na biyu. Taken yaudara kuwa maganar kanta yake ɓoyewa, "sirri", "abin mamaki", "ba za ka yarda ba", mai karatu bai san ko ta shafe shi ba sai ya shiga. Facebook ma ya sanar tun 2016 cewa yana rage yaɗa kanun labaran da ke ɓoye bayani ko yin zuzutawa. Ni dai abin da ya fi damuna ba na'urarsu ba ce. Wanda ka ruɗa yau, gobe zai biyo ta gaban shagonka.

Ga gwajin da nake so ka riƙa yi. Cire "batirin sola" daga taken, ka sa "kilishi" ko "ɗinki". In maganar ta zauna daidai, taken fanko ne, sake shi. "Sirrin da masu kilishi suke ɓoye maka" ya zauna, ka gani. "Kilishinka ya mutu kafin shekara" bai zauna ba, domin layin na batiri ne shi kaɗai.

Shafi na biyu ya buɗe da amsar kai tsaye, ban da gaisuwa ko tarihin shago: zafi ne, ga yadda yake yi, a mayar da batirin wuri mai inuwa da iska. Yana da kyau ya iya tsayawa da ƙafarsa, don Instagram yakan sake nuna jerin ga wanda ya wuce bai ja ba, ya fara masa daga hoto na biyu.

Kada kalmomin taken su wuce goma zuwa goma sha biyu, da manyan haruffa a tsakiyar hoton, saboda ana yanke gefe a wasu wurare. Gwada shi a ƙaramar salula cikin rana. Lamba kuma, ka sa wadda ka auna da kanka kawai. In ba kowane batiri ne ke mutuwa cikin shekara ba, alamar tambayar nan ta zauna, kada ka mayar da ita hukunci.

Bayan kwana biyu ko uku, buɗe ƙididdigar shafinka. In mutane kaɗan suka gani kuma ba motsi, taken bai taɓa kowa ba. In da yawa sun gani amma ba wanda ya adana ko ya tura wa wani, alkawarin ya fi kayan. Alamar da nake nema ita ce a fara tambayarka "nawa yana cikin kicin, in fitar da shi?", domin mai wannan tambaya ya karanta har ƙarshe.