Maganin tarin fuka: in sayi kala ɗaya a kemis ko ya ci gaba da na asibiti?

"Salam. Ƙanina aka samu da tibi, nauyinsa kilo 52, a asibiti suka ce ƙwayar da suka ba shi magani huɗu ne a haɗe, kuma tana sa shi tashin zuciya. Mai kemis ɗin layinmu ya ce zai sayar min da rifamfisin kaɗai, wai shi ne mai ƙarfin. In saya? Kuma me ya sa maƙwabcinmu da yake da tibi nasa maganin daban ne?" Daga wata 'yar uwa a Unguwar Rogo, Jos.

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Don Allah kar ki saya, ki riƙe kuɗinki ki saya masa ƙwai da wake, dama maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware.

Mai kemis bai yi ƙarya ba cewa rifamfisin na da ƙarfi, amma shi kaɗai ɓarna zai yi. Idan tibi ya yi rami a huhun mutum, ƙwayoyin cutar da ke ciki suna iya kai miliyan 100 ko fiye, kuma tun kafin ya sha komai akwai 'yan tsiraru a cikinsu da wani magani ba ya kamawa, wajen ɗaya cikin miliyan 1 ba ta jin isoniyazid, wanda yake ɗaya daga cikin magunguna huɗun nan, wajen ɗaya cikin miliyan 100 ba ta jin rifamfisin. To idan kika ba shi rifamfisin kaɗai zai kashe sauran, tari ya lafa kowa ya ce an samu sauƙi, su kuma 'yan tsirarun nan su samu fili su yi ta hayayyafa, bayan wasu watanni ciwon ya dawo kuma rifamfisin ɗin ya daina masa aiki. Amma a samu ƙwaya ɗaya da ba ta jin magungunan biyu lokaci guda abu ne mai matuƙar wuya, wadda ta kuɓuce wa wannan, wancan zai kama ta.

Sauran biyun fa? Firazinamid yana bin waɗanda suka lafe a wuraren kumburi, shi ya taimaka aka rage jinyar zuwa wata 6. Etambutol kuma mai gadi ne, saboda ranar farko ba a san ko cutar tasa tana jin isoniyazid ba, idan ba ta ji to ba a bar rifamfisin ba mataimaki ba.

Ƙwayar nan ake ba shi kullum gwargwadon nauyinsa na wata 2, sannan a koma mai magani biyu, rifamfisin da isoniyazid, na wata 4. Idan ya yi ƙiba ki faɗa musu, ana iya ƙara masa yawan ƙwayar. Fitsari ya yi ja ba komai, aikin rifamfisin ne. Tashin zuciyar kuma ki gaya wa nas ɗin, sau da yawa suna cewa a sha da ɗan abinci kaɗan ko da dare. Amma idan idonsa ya yi ɗorawa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ganinsa ya fara dishi-dishi, ranar za ku koma asibiti.

Batun maƙwabci, wataƙila gwajin majinarsa ne ya nuna cutar ba ta jin rifamfisin, a takardar sakamakon na'urar GeneXpert ana ganin RIF Resistance DETECTED. Daga nan tsarin ya canza gaba ɗaya. A da irinsu sai su yi wata 18 zuwa 20 ko fiye ana haɗawa da allurar da ta kurumtar da mutane da yawa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin ƙwayoyi na wata 6, bedakwilin, firetomanid, linezolid da moksifuloksasin, ga masu shekara 14 zuwa sama, ban da masu ciki da masu shayarwa. Yana buƙatar sa ido sosai, ana auna bugun zuciya saboda bedakwilin, ana duba jini da mutuwar ƙafa saboda linezolid. Kar su riƙa aron maganin juna, ko da na ɗaya ya ƙare.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake sayen sifuro da lebofuloksasin a kemis da zarar tari ya daɗe. Dangin moksifuloksasin ne, suna ɓoye tibi na ɗan lokaci kuma suna koya wa cutar jure musu, sai a wayi gari dole a cire moksifuloksasin daga haɗin. Duk wanda ke tari a gidanku ki kai shi gwajin majina, shi ma kyauta ne. Ƙanin naki kuma za a sake auna tasa a ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6, kar ya tsallake ko ɗaya.