Ninki 14 ɗin nan, daga ina ka samo shi?

"Maigida, Alhajin nan mai matse man gyaɗa yana son sayar da masana'antarsa. Ribarsa ta bara miliyan 40 ce ta sefa. Na ɗauko PER, wato farashin hannun jari in an raba shi da ribarsa, na kamfanoni biyar daga BRVM, kasuwar hannun jari ta Abijan, matsakaicinsu ya ba ni 14, na ninka, na samu miliyan 560. Me ya sa ka maido mini da takardar?"

Jawo kujera, yarona. Lissafinka daidai yake, lambobin da ka ba shi ne ba su da lafiya, kuma dukansu biyun.

Mu fara da 14. Ga abin da ka rubuta: 7, 8, 9, 10 da 36. Huɗu suna zaune kusa da juna, ɗaya ya yi tsalle shi kaɗai ya ja matsakaicin sama. Ka buɗe rahoton mai 36 ɗin? Ribarsa ce ta faɗi bara, farashin hannun jarinsa kuwa bai bi ta ba, don masu saye suna sa ran za ta dawo. In abin da ake rabawa da shi ya ƙanƙance, dole ninki ya kumbura. Wannan 36 shaidar mummunar shekara ce, ba shaidar daraja ba. Fitar da shi.

Mai 7 kuma banki ne. Na gane dalilinka, ka ga sunan Nijar a jikinsa ka ce ɗan gida ne. To amma banki da kuɗin mutane yake sana'a, Alhaji kuwa damina da farashin buhun gyaɗa ne ke raya shi ko su kashe shi. Ko dillali a kasuwar Dole ba ya yi wa rago kuɗi da cinikin jaki don kawai garinsu ɗaya. Abin da ke haɗa kamfani biyu shi ne irin hajarsu, saurin girmansu, haɗarin da ke kansu da nauyin bashinsu. Saura 8, 9 da 10, duka masu sarrafa abinci, na tsakiyarsu 9. Da ka cike gurbin da kamfanonin Najeriya ma da na maido, domin riba a naira, da hauhawar farashi da kuɗin ruwan can, ba a auna ta da mudu ɗaya da sefar da ke ɗaure da yuro a kan kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya.

Yanzu ga inda aikin yake, miliyan 40. Ninki ana sa shi ne kan ribar da za ta sake dawowa baɗi a hannun wanda ya saya. Duba shafi na uku na littafin Alhaji, can ƙasa inda aka rubuta da jan biro: ya sayar da fili a hanyar Tanut, ribarsa bayan haraji miliyan 12. Filin ya tafi. In ka bar shi ciki, ka sa mai saye ya biya fili guda sau tara.

Akwai kuma abin da ba a rubuta ba sam. Alhaji shi ne darakta, shi ke zuwa ƙauyuka sayen gyaɗa, bai taɓa yanka wa kansa albashi ba. Wanda zai maye gurbinsa sai an biya shi, mu ce miliyan 6 a shekara. Sito na ƙanensa ne, ba ya karɓar haya, sabon mai gida kuwa zai biya, mu ce miliyan 4. Goma ke nan, amma suna rage haraji, wanda yake kashi 30 cikin ɗari na riba, don haka 7 za ka cire. Daga 40 ka zare 12 da 7, saura 21. Kamfanonin Abijan sun riga sun biya daraktocinsu da hayarsu kafin su faɗi riba, sai yanzu ne kake gwada abu da irinsa. Miliyan 21 sau 9 ya ba ka 189.

Ko 9 ɗin ma bai cancanci Alhaji duka ba. Mai hannun jari a BRVM yana iya ba da umarni a sayar masa cikin ƴan kwanaki, littattafan can kuma masu bincike na waje sun sa musu hannu. Nan Damagaram kuwa sai ka yi watanni kana neman mai saye, kuma rabin masu kawo gyaɗa don fuskar Alhaji suke kawowa. A ɗaya ɓangaren, mai saye zai samu iko da kamfanin gaba ɗaya, wannan yana ɗan ɗaga farashi. Da na auna su, ni kashi ɗaya cikin huɗu zan rage, mu sauka wajen miliyan 142. Wannan ragin hukunci ne nawa, ba doka ba, shi ya sa ake rubuta dalilansa a fili, don wanda bai yarda ba ya san abin da zai yi gardama a kai.

Ka lura, PER darajar rabon masu kamfani yake bayarwa, an riga an cire kuɗin ruwa daga riba, kada ka sake zare bashi daga 142. Amma ka nemo mini nawa banki ke bin Alhaji. In bashinsa ya fi na kamfanonin ukun nauyi sosai, za mu ajiye wannan ninki mu koma ga wanda ake yi kan riba kafin kuɗin ruwa da haraji. Haɗo da littattafan shekara uku, bara an yi gyaɗa sosai, ina son in ga ribarsa a shekarar da damina ta gaza.